Yadda Ake Lissafin Ratar Kwata a Cacar Ƙwallo

A cacar ƙwallon ƙafa akwai tsarin da allo ke nunawa da sunan Asian Handicap, inda kamfani ke rage wa ƙungiya mai ƙarfi ƙwallaye, ya ba mai rauni rata tun kafin a busa usur. Ratar rabi, kamar -0.5, ba ta da wahalar ganewa: ko a ci ko a faɗi. Cikakkiyar rata, kamar -1, tana da hali na uku, wato a mayar wa mutum kuɗinsa idan tazarar ta zo daidai da ratar. Wadda ke rikita mutane ita ce ta kwata, irin -0.25, -0.75 da -1.25.

Matakin farko shi ne a gane cewa ratar kwata caca biyu ce a tikiti ɗaya. Kamfani yana raba kuɗin gida biyu daidai, ya ɗora rabi a ratar da ke ƙasa da kwata ɗaya, rabi a wadda ke sama da kwata ɗaya. Don haka -0.25 na nufin 0 da -0.5, -0.75 kuma na nufin -0.5 da -1. Wasu kamfanonin ma haka suke rubuta ta ɓaro-ɓaro, lambobi biyu a jere.

A ce Arsenal za ta kara da Chelsea, wani ya zuba naira 10,000 a kan Arsenal -0.75, a farashin 1.90. Naira 5,000 ta hau -0.5, ɗaya 5,000 ɗin ta hau -1. Bayan an tashi wasa sai a auna kowane rabi shi kaɗai. Idan Arsenal ta ci 2-0, duka biyun sun ci, a biya shi 19,000. Idan aka yi canjaras ko Chelsea ta yi nasara, ba ya samun ko sisi.

Sakamakon da ke buƙatar natsuwa shi ne tazarar ƙwallo ɗaya, kamar 1-0 ko 2-1. Rabin da ke kan -0.5 ya ci, domin ko an cire rabin ƙwallo Arsenal tana gaba: 5,000 sau 1.90 ya ba da 9,500. Rabin da ke kan -1 kuwa, da an cire ƙwallo ɗaya wasa ya koma kunnen doki, sai a mayar da 5,000 ɗin ba riba. Jimilla 14,500, ribarsa 4,500, rabin 9,000 da ya sa rai. Wannan shi ne rabin ci, wanda tikiti kan nuna da Half Won.

Wanda ya bi Chelsea +0.75 da kuɗi da farashi iri ɗaya fa? A wannan 1-0 ɗin, rabinsa na +0.5 ya tafi, na +1 ya dawo. Ya karɓi 5,000 daga cikin 10,000, tikitinsa ya nuna Half Lost. Nan ne nake ganin mutane suka fi yaudarar kansu, don ganin kuɗi ya shigo asusu sai mutum ya ji kamar ya tsira, alhali rabin uwar kuɗinsa ta salwanta. A duba kuma abin da ya rage a hannun kamfani: ya karɓi 20,000 daga mutum biyun, ya biya 19,500. Da ɗayansu ya yi cikakken ci, 19,000 zai biya. Ta kowace fuska yana da nasa kason, kuma ratar kwata ba ta kawar da shi, sai dai ta sa asara ta riƙa zuwa a hankali.

Akwai hanya mai sauƙi ta sanin inda rabin zai faɗo. A kowace ratar kwata, tazara ɗaya tak ke haifar da rabi, wato cikakkiyar lambar da ta fi kusa da ratar. A -0.25 canjaras ne, kuma rabin faɗuwa ne ga wanda ya bi ƙungiya mai ƙarfi, rabin ci ga wanda ya bi +0.25. A -1.25 tazarar ƙwallo ɗaya ce, ita ma rabin faɗuwa. A -1.75 tazarar ƙwallo biyu ce, rabin ci.

Lissafin yana kan minti 90 ne da ɗan lokacin da alƙalin wasa ya ƙara. Ƙarin minti 30 da bugun fanareti ba sa ciki. Idan kuma an shiga ana tsakiyar wasa, kamfanoni da yawa suna ƙirga ƙwallayen da aka ci bayan an yanki tikiti ne kawai, don haka mai -0.75 da ya shiga ana 1-0, aka tashi a haka, ya faɗi gaba ɗaya.

A tikitin da aka jera wasanni da yawa, rabin ci yana sauya farashin wasan: a haɗa 1.90 da 1 a raba biyu, ya zama 1.45. Rabin faɗuwa kuma ana lissafa shi 0.5, ya zaftare rabin duk abin da sauran wasannin suka tara. Tikitin naira 1,000 mai wasa biyu, ɗaya ya ci a 2.00 ɗaya ya yi rabin faɗuwa, naira 1,000 ɗin kawai zai dawo da ita.