Tarin huka: yadda za a kai majinyaci ƙarshen wata shida, a kuma kare yaran gida

Wannan darasi na iyaye mata ne da masu faɗakarwa kan kiwon lafiya a Tebaram da ƙauyukan arewacin Adar. Tarin huka yana warkewa, kuma a Nijar kyauta ake ba da maganinsa. Inda aka fi yin asara shi ne tsakiyar hanya, lokacin da majinyaci ya ji sauƙi ya ajiye magani alhali ciwon bai mutu ba.

Yadda maganin yake

Magani wata shida ne, kashi biyu. A wata biyun farko ana shan magunguna huɗu da aka haɗa cikin ƙwaya ɗaya. A wata huɗun da ke biye ana shan biyu daga cikinsu, wato rifamfisin da izoniyazid. Kullum ake sha, sau ɗaya, da safe kafin a ci abinci. Idan yana tayar da zuciya, ana iya sha da ɗan kunu kaɗan. Hakan ya fi a tsallake rana.

Nauyin jiki ne ke nuna yawan ƙwayoyin. Babban mutum mai kilo 50 ƙwaya uku yake sha, idan ya kai kilo 55 sai a mai da su huɗu. Shi ya sa ake ɗora majinyaci a sikeli duk lokacin da ya je karɓar magani. Ana sake auna kakinsa a ƙarshen wata na biyu, da na biyar, da na shida. Wannan awon ne ke tabbatar da waraka. Daina tari kaɗai bai isa shaida ba.

Dalilin tsawon lokacin

Ƙwayoyin cutar da ke hayayyafa da sauri suna mutuwa a makonnin farko, shi ya sa zazzaɓi ke sauka, cin abinci ya dawo. Amma akwai waɗansu da ke laɓe cikin huhu kamar irin ciyawa a ƙarƙashin ƙasa, ba sa mutuwa sai an daɗe ana bi ta kansu. Wanda ya tsaya a wata na uku ya yi noman fari ne ya bar maimai. Ciwon yakan dawo. Idan kuma ana sha ana bari, yana iya komawa irin wanda ba ya jin maganin farko, mai bukatar wasu magunguna da suka fi wahalar sha da kulawa ta musamman.

Misali daga gida ɗaya

A ɗauka wani magidanci ne a wani ƙauye na Tebaram, mai kilo 49, ya fara magani a farkon Agusta. Wata shidansa zai cika a farkon Fabrairu. Yana da mata mai shayarwa, da jaririya ƴar wata takwas, da yaro ɗan shekara uku, da tsohuwarsa.

Tun ranar farko mai faɗakarwa ta zauna da iyalin su zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa ganin ya haɗiye maganin, ya kuma yi alama a kati. Sai an ga ya haɗiye ake yin alamar. A ɗaure shan maganin da abin da ba ya wucewa, kamar dawowa daga sallar asuba. Duk mako mai faɗakarwa ta duba katin, ta ƙirga ƙwayoyin da suka rage. Idan kati ya cika amma ƙwayoyi sun fi lissafi, to ana tsallake kwanaki.

A Oktoba an girbe hatsi, ya kai kilo 53, tari ya tafi, abokansa na shirin cin rani zuwa Abijan ko Libiya. Nan ne hatsarin yake, don haka tun a Satumba ya kamata a tambaye shi: "Malam, bana akwai niyyar tafiya?" Abin da ya fi shi ne ya jira Fabrairu. Idan tafiyar ta zama dole, ya fara zuwa wurin malamin asibitin da ke ba shi magani, domin a shirya masa takardar ci gaba da magani a inda zai sauka, ya kuma tafi da katinsa.

Idan ya tsallake kwana biyu, a je gidansa a ranar, ba da faɗa ba, a nemi dalili. Sau da yawa dalilin yunwa ce, ko kuɗin mota, ko kunyar a gan shi. A sanar da asibiti, kuma kada ya haɗa na jiya da na yau ya sha. Wanda ya bar magani wata biyu a jere, sai an sake auna kakinsa kafin a san abin da za a ba shi.

Alamun da za a lura da su

Fitsari ya koma ja-ja kamar ruwan goro, aikin rifamfisin ne, ba jini ba ne, a ci gaba da sha. Jin zafi ko tsikari a tafin ƙafa, a faɗa wa malamin asibiti, akwai sinadarin da ake bayarwa dominsa. Amma idan ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ƙuraje suka feso a jiki, ko gani ya fara dusashewa, a dakatar da maganin a kai shi asibiti a ranar. Macen da ke shan wannan magani ta sani cewa yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da wanda ake sawa a dantse, sai ta nemi shawarar ungozomar asibiti.

Mutanen gida

Ta iska cutar ke yaɗuwa, lokacin tari da atishawa da magana a ɗakin da ke rufe. Ba ta bin ƙwarya ko ludayi ko musafaha, don haka ware wa majinyaci kwano ba ya kare kowa, sai dai ya sa shi ɓoye ciwonsa. Abin da ke karewa shi ne buɗe taga da ƙofa, zaman hira a tsakar gida, rufe baki da ƙyalle lokacin tari, da kwana nesa da ƙananan yara a farkon magani. Bayan kamar mako biyu ana shan maganin da ya dace, yaɗuwar takan ragu ƙwarai.

A gidan misalinmu, a kai yaran nan biyu asibiti ko da lafiyarsu ƙalau, domin yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ya fi saurin kamuwa da ciwon mai tsanani. Idan an duba ba su da shi, ana ba su maganin kariya na wata uku zuwa shida, gwargwadon irin maganin. Allurar ranar haihuwa mai barin tabo a hannu ba ta ɗauke wannan bukata. Uwa ta ci gaba da ba da nono, ko da ita ce mai ciwon. Tsohuwa da matar kuwa, duk wadda ta yi tarin mako biyu, ko zufar dare, ko rama, a auna kakinta.

Tarin huka da tamowa

Ƙaramin yaro ba ya iya fitar da kaki, wani lokaci ma ba ya tari sosai. Alamarsa ita ce rama, da zazzaɓin da bai ji maganin masassarar cizon sauro ba, da daina wasa. Ku riƙa auna dantsen yaran gidan da ma'aunin nan mai launi uku, ga duk wanda ya kai wata shida: ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Yaron da ke cinye abincin gyaɗa na leda yadda aka tsara, amma mako bayan mako nauyinsa bai ɗaga ba, ku tambayi uwarsa ko akwai mai tari a gida, ku kuma kai amsar ga malamin asibiti.

Shi ma majinyaci abinci na cikin jinyarsa. A ƙara masa wake, gyaɗa, zogale, ƙwai da madarar da aka tafasa, kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana. Idan wata biyu sun wuce nauyinsa bai ƙaru ba, a sanar da asibiti: ko abinci ne bai isa ba, ko ana tsallake magani, ko akwai wani ciwo tare, kamar ciwon sukari ko sida, ko kuma maganin ne ba ya kama cutar.