Gyaran kalmomi a rahoton rikicin manoma da makiyaya

Wani sakataren kwamitin sulhu daga Gagarawa ya tambayi yadda ake gane son zuciya a rahoto.

Son zuciya yakan ɓuya a cikin kalmar aiki. Idan daftari ya ce manomi “ya bayyana”, makiyayi kuwa “ya yi iƙirari”, an yanke hukunci tun kafin zama. “Ya ce” ta wadatar wa kowa. Haka “sun mamaye gona” na nuna ganganci, alhali “shanu sun shiga gona” ne abin da aka gani. Akan musanya sunayen ɓangarorin a sake karantawa. Duk jimlar da ta koma zagi sai an gyara ta.