An Yi Maka Alƙawarin Gurbin SIWES, Sai Kuma Shiru: Yaya Za Ka Tambaya?

Ɗalibin difloma yana da wata huɗu na SIWES, kuma ofishin SIWES na makaranta ba ya aiki da alƙawarin baki, takardar amincewa mai sa hannu da hatimi yake so. Ga abin da ya faru da wani ɗan ajinmu. Ya kai takardarsa wani kamfanin gyaran kwamfuta a Gyaɗi-Gyaɗi, manaja ya ce: "Ba matsala, za mu kira ka." Mako biyu suka wuce ba kira, kuma saura kwana goma a rufe karɓar takardu.

Shiru irin wannan ba lallai ne ya zama ƙi ba. Sau da yawa takardar tana tebur ne tana jiran mai sa hannu, ko maigidan ya yi tafiya, ko ana lissafin yawan ɗaliban da wurin zai iya ɗauka. Saboda haka kada ka buɗe baki da "amma kun ce". Wannan tuhuma ce, kuma wanda aka tuhuma kare kansa yake yi, ba ya ba ka bayani.

Abokinmu ya bari har ƙarfe goma na safiyar Talata, ya tura wa manajan saƙo:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ni ne ɗalibin Poli da ya kawo takardar SIWES mako biyu da suka wuce. Makaranta za ta rufe karɓar takardar amincewa ranar Juma'a ta makon gobe. Don Allah gurbin yana nan, ko in nemi wani wuri? Na gode."

Ka lura da abu uku a ciki. Ya tuna wa mutumin ko shi wane ne, ya faɗi ranar da ta matse shi, sannan ya yi tambaya guda wadda ta bar wa manaja ƙofar cewa a'a ba tare da jin kunya ba.

Sai kuma ka iya karanta amsa. In an ce "ka zo Alhamis ka karɓa", magana tana nan. In an ce "sai oga ya dawo", tambayi yaushe, kuma wa za ka gani. Amma in sau biyu ana ce maka "za mu duba" ba rana ba suna, galibi a'a ce aka lulluɓe da kara. Yi godiya, ka kai takarda wani wurin a ranar, ka kuma sanar da jami'in SIWES na sashenku.

Shi abokin namu ba a amsa saƙonsa ba. Bayan kwana biyu ya je da kansa, ɗauke da kwafin takardarsa. Ashe ta farkon ɓata ta yi a ofis. A nan take aka sa hannu a kan kwafin.

Don haka, kafin ka miƙa takarda ko'ina, yi mata hoto biyu, ka rubuta ranar da sunan wanda ya karɓa.