Lugbe ko Kubwa: wane gida ya fi araha?

 An yi mini canjin wurin aiki daga Kano zuwa Utako a Abuja, kuma dillalai sun nuna mini gidaje biyu masu ɗaki biyu da falo. Na Lugbe naira miliyan 2 ne a shekara, da kuɗin maigadi da shara 300,000, sai dai babu ruwa. Maƙwabta sun ce kullum suna sayen na naira 1,000 wurin 'yan garuwa. Na Kubwa miliyan 2.3 ne, akwai ruwan famfo da ake biya wa 5,000 a wata. Kowanne za a ɗora kashi 10 na dillali, kashi 10 na lauya. Maiɗakina ta ce mu kama mai arahar. Mene ne shawararka?

Wani ma'aikaci, Utako

 Kuɗin da dillali ya faɗa maka a bakin ƙofa ba shi ne kuɗin zama a gida ba.

Fara da na dillali da lauya: 400,000 a Lugbe, 460,000 a Kubwa. Kuɗin shiga ne kawai, kuma ka sa a rubuta haka a yarjejeniya, don kada a sake neman su wajen sabuntawa. Idan shekara uku za ka yi, raba su gida uku: kusan 133,000 da 153,000 a shekara. Ka ga tazarar ba ta taka kara ta karya ba.

Ruwa ne ya juya lissafin. Naira 1,000 kullum ta zama 365,000 a shekara. Haɗa da haya da kuɗin maigadi da kason dillali da lauya, gidan Lugbe ya tashi 2,798,000. Na Kubwa kuwa, har da ruwansa na 60,000, ya tsaya a 2,513,000. Mai tsadar ya fi sauƙi da 285,000. Amma ka je da kanka ka murɗa famfon, ka kuma tambayi matan gidan kwana nawa ruwan yake zuwa a mako, musamman da rani.

Wuta ma a bincika. Tun Afrilun 2024 masu layin Band A ke biyan sama da naira 200 kan kowane yunit, saboda haka ka san layin da gidan yake. Ka tabbatar mitar kati taka ce kai kaɗai, kuma AEDC ba ta bin wanda ya tashi bashi a kanta. Mitar haɗaka na sha ganin ta raba maƙwabtan kirki.

Girman ɗaki kuwa, ƙirga tayil: in mai santimita 60 ne, shida a tsaye shida a kwance mita 3.6 ke nan kowane gefe, gado da durowa za su zauna.

Saura hanya. Ranar Litinin da ƙarfe bakwai na safe ka hau mota daga Kubwa zuwa Utako, ranar Talata daga Lugbe, ka rubuta kuɗi da lokaci. In ba su yi nisa da juna ba, ka zauna da maiɗakinka ka nuna mata lissafin nan, ku kama na Kubwa.