Lissafin Tsadar Buhun Masara Daga Rasit: Misali Daga Ƙasar Kwatarkwashi

Manomin Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bunguɗu ta Jihar Zamfara, yana tsakanin kasuwanni biyu ne: Gusau, inda yakan sayo taki da iri, da Tsafe, inda yakan kai hatsi. Idan ya ce "na ci riba," sau da yawa abin da yake nufi shi ne kuɗin da ya karɓa a kasuwa sun zarce waɗanda ya tuna ya kashe. Wannan nazari ya bi lissafin gonar masara mai faɗin hekta ɗaya domin gano nawa buhu ɗaya ya tsaya wa mai ita. Alƙaluman na misali ne, domin farashi yana sauyawa kowace damina, amma hanyar lissafin ba ta sauyawa.

A ƙaddara cewa takardun manomin sun nuna iri na naira 30,000. Rasit ɗin taki ya nuna buhu bakwai, sai dai buhu ɗaya na NPK an zuba shi ne a gonar dawa, don haka dole a fitar da shi. Rasit shaidar saye ce kawai, ba ta faɗin gonar da kayan suka shiga. Abin da ya rage shi ne NPK buhu huɗu a kan naira 45,000 kowanne, da yuriya buhu biyu a kan naira 40,000, jimilla naira 260,000. Ƙwadago, tun daga huɗa da shanu da shuka, zuwa noman firi da maimai da girbi da casa, ya ci naira 190,000. Ɗauko taki daga Gusau da kwaso amfanin gona zuwa gida sun ci naira 20,000. Duka sun kama naira 500,000. Idan gonar ta ba da buhu 30, to kowane buhu ya tsaya a kan naira 16,667.

A nan mafi yawan masu lissafi suke tsayawa, kuma a nan kuskuren yake. Akwai aikin da ba ya barin takarda. Sharar gona da zuba taki da ɓare masara, maigida da 'ya'yansa ne suka yi su, kuma a harshen manoma ba a kiran wannan ƙwadago, tunda kalmar ta keɓanta ga aikin da aka biya lada. Harshen da kansa ya ɓoye wannan kuɗi. Idan aka haɗa kwanakin da kowannensu ya yi aka sami 40, aka kimanta yini a kan naira 2,500 da ake biyan ɗan ƙwadago, za a ƙara naira 100,000. Jimilla ta koma naira 600,000, buhu ya koma naira 20,000, tiya kuma naira 500 idan an ɗauki buhu a matsayin tiya 40. Gayya ma haka take: furar da aka dama da tuwon da aka tuƙa kuɗi ne, ko da ba wanda ya rubuta su.

Sai batun adadin da za a raba kuɗin da shi. Buhun da aka ci a gida yana cikin lissafi, domin manomin ya amfana da shi. Zakka kuwa daban ce. Amfanin da ruwan sama ya shayar, idan ya kai nisabi, ana fitar da ɗaya bisa goma, kuma a mazhabar Malikiyya ba a cire kuɗin noma kafin a fitar. Buhu uku sun tafi ke nan, saura 27, kuma su ne za su mayar da naira 600,000. Kowanne sai ya kawo naira 22,222. Idan aka ɗora naira 1,000 na mota da lodi zuwa Tsafe, farashin da bai kamata a sauka ƙasa da shi ba ya zama naira 23,222. Ya kamata a ƙirga buhunan bayan masarar ta bushe, domin ɗanyar kaka tana raguwa a ma'auni.

Yanzu a ce ɗan kasuwa ya taya naira 21,000. Mai riƙe da lissafin farko zai sallama da murna, yana ganin ribar fiye da naira 4,000 a kowane buhu. Amma buhu 27, bayan an cire kuɗin mota, naira 540,000 za su kawo. Idan aka fitar da naira 500,000 na rasit, naira 40,000 ce ta rage wa kwana 40 na aikin iyali, wato naira 1,000 a yini, alhali ɗan ƙwadagon da ya yi aiki tare da su a gonar ya karɓi naira 2,500.