Ku Ƙirga Kwatanci, Ku Bar Agogo

'Ya'yana masu karatun kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da ƙannenku na Bakura da Maradun masu biyo bayanku, akwai tambayar da ke yawan fitowa a jarrabawar algoridim: a kwatanta lokacin da `linear_search` ke ci da na `binary_search`, wato binciken bi-da-bi da binciken raba-biyu. Da yawanku kan rubuta `O(n)` da `O(log n)`, su ajiye biro. Amsar daidai ce, sai dai malami yana so ya ga inda kuka samo ta.

Da farko, kada ku auna da daƙiƙa. Kwamfutar ɗakin gwaji da wadda ke jakarku ba gudu ɗaya suke yi ba. Abin da ake ƙirgawa shi ne sau nawa aka kwatanta lambar da ake nema da wata lamba a cikin jeri, domin wannan ƙidaya ba ruwanta da na'ura.

A ce an ba ku rajistar manoma 1,000 masu noman rani a Bakolori, kowa da lambarsa, aka ce ku nemo mutum ɗaya. Bi-da-bi zai fara daga layin farko ya yi ta gangarawa. In an yi sa'a, kwatanci ɗaya ya wadatar. In mutumin yana can ƙarshe, ko ma ba ya ciki, sai an yi 1,000 cif. A tsaka-tsaki kuwa, wajen 500.

Raba-biyu shi tsakiya yake fara dubawa. In lambar da ake nema ta fi ta tsakiyar girma, sai ya watsar da rabin farko gaba ɗaya. In ba ta kai ta ba, ya watsar da na ƙarshe. Ku zayyana wa malami yadda jerin ke ƙanƙancewa: 1,000, 500, 250, 125, 62, 31, 15, 7, 3, 1. Mataki 10 ke nan, komai tsanani, kuma shi ne abin da wannan lissafi ke bayarwa:

```
floor(log2(n)) + 1
```

Ga abin da nake so ya zauna muku a zuciya. In rajistar ta ninka ta zama 2,000, aikin bi-da-bi ya ninka, na raba-biyu kuwa mataki ɗaya tak ya ƙaru. Ko da sunayen sun kai miliyan ɗaya, mataki 20 ya ishe shi.

Amma fa akwai sharaɗi, kuma a nan maki ke zubewa. Raba-biyu ba ya aiki sai jerin yana a tsare, daga ƙarami zuwa babba. Ku gwada shi a kan 34, 8, 52, 3, 47, 15, 21, ku nemi 8. Tsakiya 3 ce, 8 ta fi ta, sai ya koma dama. Saura 47, 15, 21. Tsakiya 15 ce, 8 ba ta kai ta ba, sai ya koma hagu, ya tarar da 47, ya ce babu. Alhali ga 8 can zaune a gurbi na biyu. Kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba, amsar ƙarya kawai za ta miƙo muku. Hanyar ganewa ita ce ku nemi lambobin da ke cikin jerin ɗaya bayan ɗaya, ku ga ko zai same su duka.

Saboda haka ku karanta tambayar da natsuwa. In an ce jerin a hargitse yake, tsara shi ma aiki ne mai tsada. Hanyoyin tsarawa masu kyau suna cin `O(n log n)`, wato kusan kwatanci 10,000 ga sunaye 1,000. Wanda zai yi nema sau ɗaya, bi-da-bi ya fi masa araha nesa ba kusa ba. Sai neman ya haura sau ashirin ko makamancin haka kafin wahalar tsarawa ta biya kanta.

In kuma an ce ku rubuta shirin, ku kula da lissafin tsakiya. A shekarar 2006 Joshua Bloch ya bayyana cewa `(low + high) / 2` da ke cikin laburaren Java yana ɓaci idan jeri ya yi girma ƙwarai, domin jimillar kan wuce abin da `int` ke iya ɗauka. Ku saba da rubuta `low + (high - low) / 2`.

Amsa cikakkiya, 'ya'yana, ita ce wadda ta faɗi sharaɗin tsari, ta kawo hali mafi sauƙi da mafi tsanani ga kowace hanya, sannan ta nuna ƙidayar da lambobi. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku ilimi mai amfani.