Babi Kan Rubuta Bayanin Kaya Da Hausa Da Turanci

A zamanin da, idan mutum yana son hula sai ya tafi Kasuwar Kurmi da ƙafarsa, ya ɗauke ta a hannu, ya juya ta ciki da baya, ya ɗora a kansa ya ji ko ta zauna, sa'an nan a shiga ciniki. Amma a yau, da yake mai saye yana iya zama a Maraɗi ko Kumasi ko Landan alhali mai sayarwa yana Kano, babu abin da ke tsakaninsu face hoto a fuskar waya da 'yan layukan da aka rubuta a ƙarƙashinsa. Malaman fiƙihu sun riga mu sanin wannan mas'ala, domin a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an halatta sayar da abin da ba ya wurin ciniki muddin an siffanta shi, kuma hukuncin da malamai suka bayyana shi ne, in kaya ya zo saɓanin siffar da aka faɗa, mai saye yana da zaɓin mayar da shi. To, rubutun nan na ƙarƙashin hoto shi ne siffar, kuma wanda ya rubuta ta da harshe biyu ya ɗauki alkawari ɗaya ne a gaban jama'a iri biyu.

Bari mu ɗauki misalin mai sayar da hula zanna, irin wadda ake yi wa ɗinkin hannu, mu ce yana da shuɗiya mai duhu da aka yi wa ado da farin zare, lamba 22 da 23, yana sayar da kowace a kan naira dubu ashirin da biyar. Kafin ya rubuta ko harafi ɗaya da kowane harshe, abin da ya kamata ya fara yi shi ne ya ɗauki takarda ya jera haƙiƙanin abubuwan da ba su canzawa, wato sunan kayan, da launinsa, da awonsa, da kuɗinsa, da ranar da zai bar shago; domin daga wannan takarda ɗaya za a ɗebi Hausar, daga ita kuma za a ɗebi Turancin, kuma sau da yawa rigimar da ke tashi tsakanin ɗan kasuwa da abokin cinikinsa asalinta shi ne an gyara farashi a harshe ɗaya an manta da ɗayan.

Ga yadda Hausar za ta kasance:

```
Hula zanna, ɗinkin hannu, shuɗiya mai duhu da farin zare.
Lamba 22 da 23. Kuɗinta ₦25,000.
Kuɗin aike daban. Tana barin Kano cikin kwana 3 na aiki.
```

Wannan ya wadatar da Bahaushe, saboda ya san zanna tun yana yaro, ya san lambar kansa, ya kuma san in ta yi datti akwai masu wankin hula a unguwarsu. Amma da za a ɗauki layukan nan uku a juya su kalma da kalma zuwa Turanci, da wanda bai tashi a cikinmu ba ya karanta ya rasa inda zai kama, ba don Turancin ya karye ba, sai don an bar masa giɓin da Bahaushe ke cikewa da saninsa.

Giɓi mafi girma shi ne awo, kuma a nan ya dace mu daɗe. Lambar hula a wurinmu tana nufin tsawon zagayen kai da inci, watau in an zagaya kai da tef na tela ta saman kunne da tsakiyar goshi, adadin da ya fito shi ne lambar. Amma mutanen Turai sun fi auna kai da santimita, mutanen Amirka kuwa, ko da yake suna aiki da inci, suna da wata ƙidaya ta daban ga huluna, wadda a cikinta kan da ya kai inci 22 lambarsa 7 ce. Saboda haka wanda ya ga an rubuta masa lamba 22 kawai ba zai san me ake nufi ba, ko ya yi shiru ya wuce, ko kuma ya saya bisa zato, ta je ta ƙi shiga kansa bayan an kashe kuɗin jirgi. Maganin abin lissafi ne mai sauƙi: inci ɗaya santimita 2.54 ne, don haka inci 22 ya kama santimita 56 in an cike, inci 23 kuma santimita 58 da ɗan ɗoriya. Sai a rubuta duka biyun, a kuma faɗa a fili cewa zagayen kai aka auna. Mai sayar da shadda ko atamfa ma haka zai yi, domin yadi bai kai mita ba, santimita 91 ne da 'yan kai, har yadi biyar ya zama wajen mita huɗu da rabi, kuma wanda ya rubuta mita a inda yake nufin yadi ya yi tauyen mudu ko da bai yi niyya ba.

Ga Turancin da ya dace da wannan hula:

```
Zanna cap, hand-embroidered. Navy blue with white thread.
Sizes: 22 in / 56 cm and 23 in / 58 cm, measured around the head.
Price: NGN 25,000. Shipping and customs duty not included.
Leaves Kano within 3 working days. Do not machine wash.
```

Mai karatu ya lura cewa an bar sunan zanna yadda yake, an kuma bi shi da bayanin cewa hula ce mai ɗinkin hannu, domin sunan shi ne abin da masani zai nema, bayanin kuwa na baƙo ne. Ban da bayanin awo, an ƙara abu biyu da babu su a Hausar. Na farko shi ne kuɗin kwastan, wanda galibi wanda aka aika wa kayan ne ke biya a ƙasarsa, kuma in ba a gaya masa tun farko ba, ranar da aka nemi ya biya sai ya ɗauka ha'intarsa aka yi. Na biyu shi ne gargaɗin kada a jefa ta a injin wanki, tun da babu mai wankin hula a inda yake, kuma inji yana lalata mata tsayuwa. Amma launi da lamba da kuɗi da kwanaki, waɗannan suna nan daidai wa daida a harsunan biyu.

Game da kuɗi kuwa, ra'ayina shi ne ƙaramin ɗan kasuwa ya tsaya a kan naira, ya rubuta alamarta ko haruffan NGN a gaban adadin, kada ya bar lamba tsirara. Domin tun daga watan Yuni na 2023, da Babban Bankin Nijeriya ya saki naira kasuwa ta riƙa yanka mata daraja, farashin da aka rubuta da dala ko fam yana iya zama riba yau ya zama hasara bayan wata ɗaya, alhali hoton yana nan yana yawo. Wanda kuwa ya ga lalle sai ya sa dala, to ya rubuta ranar da farashin zai ƙare, ya kuma rubuta watan da sunansa, saboda 4/5 a wurinmu da Ingila huɗu ga Mayu ne, a Amirka kuwa biyar ga Afrilu. Akwai masu sa farashi mai sauƙi a Hausa su sa mai tsada a Turanci a ƙarƙashin hoto guda, suna zaton ba za a gane ba. Wannan kuwa, ban da abin da ke cikinsa na zubar da mutunci, wauta ce, domin da yawa daga masu saye a waje 'ya'yanmu ne da ke karanta harsunan biyu.

Wannan ya kawo mu ga wani kuskure da ya yawaita, na ɗauka cewa Hausa ta mutanen gida ce kaɗai, Turanci kuma na mutanen waje. Bahaushen Damagaram ko Garwa ko Injamena, in ya yi boko, galibi da Faransanci ya yi, don haka Hausar ita ce za ta kai masa saƙo; in kuwa haka ne, mai ciniki da waɗannan ƙasashe wajibi ne ya sa bayanin aike zuwa ƙetare a cikin Hausar ma. Ya kuma guji kalmomin ƙidayar kuɗi na baka, domin jaka a Nijar sefa dubu ce, alhali a tsohon lissafin Nijeriya naira ɗari biyu ce. Lambar waya ita ma a rubuta ta yadda za ta shiga daga ko'ina, a cire sifilin farko a sa +234 a madadinsa.

Haka nan akwai lafuzzan da muke yi na ladabi waɗanda ba su da gurbi a cikin siffar kaya. In Bahaushe ya ce kayan za su iso nan da kwana biyu, kowa ya san ba ƙidaya yake yi ba. Amma in aka rubuta haka da Turanci, mai saye zai lissafa kwana biyu cur, a na uku ya fara neman kuɗinsa. A faɗi insha Allahu, wannan ladabin Musulmi ne, amma a haɗa shi da adadin da aka tabbata za a iya cikawa, kuma gara a faɗi ranar da kaya zai bar shago, wadda take hannun mai sayarwa, da a yi alkawarin ranar isarsa, wadda take hannun wasu.

Wane harshe za a fara sawa? Na waɗanda suka fi yawa a cikin masu saye. Sai dai da yake dandali irin su Instagram suna nuna farkon rubutu ne kawai su ɓoye saura har sai an taɓa, yana da kyau layin farko ya ɗauki sunan kaya da kuɗinsa, a kuma sa `English below` kusa da shi, a bar fili tsakanin harsunan biyu don kada su cakuɗe.

Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba kada ya ji kunyar neman a rubuta masa, amma akwai hanyar da zai gwada aikin da kansa. Ya kai Turancin wurin wani mutum na daban wanda bai ga Hausar ba, ya ce masa ya faɗa masa da Hausa abin da ya fahimta, shi kuwa yana riƙe da takardarsa ta farko yana dubawa. In launi ko lamba ko kuɗi ko kwanaki suka fito saɓanin abin da ke takardar, to akwai gyara, kada a saki hoton tukuna. Alama ta biyu kuwa masu saye ne za su ba shi, domin duk tambayar da aka yi ta maimaita masa a kan kaya ɗaya, amsarta ce ta ɓace daga rubutun, sai ya ƙara ta a harshen da aka yi tambayar.

Yanzu kai mai karatu, ɗauki abu ɗaya daga cikin kayan da kake sayarwa, ka auna shi da tef ko sikeli, ka rubuta sunansa da launinsa da awonsa da kuɗinsa a takarda, ka fitar da Hausarsa cikin layi uku, sa'an nan ka yi mata Turanci.